"An Gudanar da Bincike": Yadda Rubutun Hukuma Ke Ɓoye Aiki a Cikin Suna

Duk mai sauraron labaran rediyo ya saba da jimloli irin su "hukuma tana gudanar da bincike a kan lamarin", ko "za a aiwatar da rabon taki ga manoma", ko "an yi kira ga jama'a da su tabbatar da yin rajista". Kunne ya saba da su har ya daina jin nauyinsu. Amma manomin da aka yi sanarwar dominsa, idan ya koma gida, abin da zai gaya wa iyalinsa shi ne, "Wai za a raba taki." Da kansa ya sauke wa jimlar kayan da aka ɗora mata, ya bar aikin tsurarsa. Abin da ya yi cikin daƙiƙa guda shi ne abin da masu gyaran rubutun hukuma suka daɗe suna koya wa ma'aikata a ƙasashe da dama.

A kowace jimla akwai kalmar da ke ɗauke da aikin da aka yi, wadda masu nahawu ke kira aikatau: raba, biya, gyara, bincika, rufe. Akwai kuma suna, wato kalmar da ake kiran abu da ita. Harshe yana ba mu damar mai da aiki ya zama suna: daga raba mu sami rabo, daga gyara mu sami gyara ko gyare-gyare, daga bincika mu sami bincike. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar tana farawa ne idan marubuci ya mai da aikin suna, sai ya ga jimlarsa ba ta da aikatau, sai ya nemo wani aikatau marar nauyi ya jingina ta da shi. A Hausar ofis 'yan jinginar nan kaɗan ne, kuma kullum su ke dawowa: gudanar da, aiwatar da, tabbatar da, samar da, cimma, bayar da, fuskanta. Su ke zama a kujerar aikatau, amma ainihin aikin yana can a naɗe cikin sunan da ke biye da su.

Wannan ɗabi'a ta fi tsufa a Turancin gwamnati, kuma can aka fara yaƙarta. Turanci yana da aikatau guda mai nufin mutum ya tsai da ra'ayi, da wani guda mai nufin ya bincika, amma jami'i sai ya mai da kowannensu doguwar kalmar suna, ya sa mata wani aikatau mai ma'anar "yi" ko "zartar" a gaba, kalma ɗaya ta zama uku ko huɗu. A 1946 marubuci George Orwell ya koka da wannan dabara a wata maƙala da ya yi kan siyasa da harshen Ingilishi. Shekara biyu bayan haka, a 1948, Sir Ernest Gowers, wanda ya daɗe yana babban ma'aikacin gwamnatin Birtaniya, ya fitar da ɗan littafin da Baitulmalin ƙasar ya roƙe shi ya rubuta don koya wa ma'aikata rubutu mai sauƙi, aka kuma faɗaɗa shi a 1954. A 1979 wata mata mai suna Chrissie Maher ta yayyaga tarin fom-fom na gwamnati a dandalin da ke gaban Majalisar Dokoki a Landan, don nuna cewa talaka ba ya gane abin da aka rubuta masa. A Amurka ma, a 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta takardun da suka shafi jama'a cikin harshe bayyananne, kuma jagorar da ma'aikata ke bi tana da sashe na musamman kan tono aikatau da aka binne cikin suna.

Wanda ya fi fayyace dalilin gyaran, a ganina, shi ne Joseph Williams na Jami'ar Chicago, a littafinsa na salon rubutu da ya fito a 1981. Ka'idarsa ita ce, mai karatu yana neman abu biyu a jimla, wane ne ya yi, kuma me ya yi. Idan mai aikin yana zaune a gurbin mai aiki, aikin kuma yana gurbin aikatau, jimla tana shiga kai ba wahala. Idan aka raba su da gurabensu, mai karatu ne zai ɗauki wahalar mayar da su.

Mu abin ya zo mana ne ta hanyar fassara. A Nijeriya yawancin sanarwar gwamnati da Turanci ake fara rubuta ta, a Nijar kuma an daɗe ana fara rubuta ta da Faransanci, wanda shi ma harshen ofisoshinsa yana son irin wannan jingina. Daga nan takardar ta faɗo teburin mai fassara, sau da yawa ana saura 'yan mintoci a karanta labarai. Hanya mafi sauri ita ce ya bi ta kalma da kalma, inda ya ga aikatau marar nauyi ya sa "gudanar da", inda ya ga suna ya sa suna. Da aka daɗe ana haka, sai salon ya zauna, har wanda ke rubutu da Hausa kai tsaye, ba tare da wata takardar Turanci a gabansa ba, ya ɗauka haka ake rubutun manya. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san rubutacciyar Hausa ba da haka ta taso ba. Jimlolin Imam a kan aikatau suke tafiya, wannan ya zo, ya ce, ya ɗauka, ya fita, shi ya sa ake iya karanta su a bayyane mai sauraro ya bi ba tare da ya ɓata ba.

Hasarar da Hausa ke yi a nan ta fi ta Turanci, saboda yadda aikatau ɗinmu yake. Aikatau na Hausa a jimlar labari ba ya tsayawa shi kaɗai, dole ƙaramar kalma ta gabace shi wadda ke nuna mai aikin da lokacin aikin a tare: ya raba, sun raba, za mu raba, ba ta raba ba. Da zarar ka zaɓi aikatau, ka ɗaure kanka da faɗin waye da kuma yaushe. Suna ba ya neman wannan. "Rabon taki" yana iya zama na bara, na gobe, ko wanda ba a taɓa yi ba.

Bayan wannan, ƙarshen aikatau na Hausa yana ɗauke da labari na kansa. Dubi bambancin "an kwashi shara" da "an kwashe shara". Na farko yana nufin an ɗebi wani abu daga cikinta, na biyu yana nufin ba a bar komai ba. Wasali ɗaya ne ya raba su. To, idan sanarwa ta ce "an gudanar da aikin kwasar shara a unguwar", wanne ake nufi? Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Mota tana iya zuwa ta ɗauki buhu goma ta tafi ta bar juji yadda yake, jimlar kuma ta kasance gaskiya. Haka "an gudanar da aikin gyaran famfo" ba ta yi alkawarin abin da "famfon ya gyaru" ta yi ba. Haka saya da sayo da saye da sayar, kowanne da inda ya dosa, amma "harkar sayen hatsi" ta shafe duk bambancin. Wannan ne ya sa nake ganin batun ya wuce na ado ko na taƙaita kalmomi. Mai unguwa da ke son sanin ko zai je ya yi godiya ko zai je ya kai kuka yana bukatar wasalin nan.

Bari mu ƙaga wata sanarwa, irin wadda ake liƙawa a bangon asibiti, mu bi ta daki-daki:

"Hukumar gudanarwar wannan asibiti tana sanar da jama'a cewa bayan gudanar da bincike a kan ƙorafe-ƙorafen da aka gabatar dangane da samun jinkiri wajen bayar da katin ganin likita, an cimma matsayar aiwatar da sauye-sauye a tsarin karɓar kuɗaɗe. Don haka ana kira ga majinyata da su tabbatar da yin biyan kuɗin kati kafin gudanar da ganawa da likita. Rashin yin hakan zai haifar da fuskantar jinkiri wajen samun kulawa."

Kalma 70 ce, kuma babu kuskuren nahawu a cikinta. Aikin farko shi ne a ja layi a ƙarƙashin kowane ɗan jingina, sannan a duba sunan da ke bayansa a tambaya, wane aiki ne a ciki? "Gudanar da bincike" yana ɗauke da bincika. "Gabatar da ƙorafi" yana ɗauke da koka, ko yin ƙorafi. "Samun jinkiri" yana ɗauke da jinkirta. "Aiwatar da sauye-sauye" shi ne sauya. "Tabbatar da yin biyan kuɗi", wanda ya tara jingina biyu a kan aiki ɗaya, shi ne biya kawai. "Gudanar da ganawa da likita" shi ne ga likita.

Aiki na biyu shi ne a nema wa kowane aikatau mai shi, kuma a nan ne sanarwar ke fara tona kanta. Wa ya bincika? Hukumar asibiti, wato "mun bincika". Wa ya yi ƙorafi? Majinyata, wato "kun yi ƙorafi". Wa ya jinkirta? A tsohuwar sanarwar an ce an "samu" jinkiri, kamar wani abu ne da ya faɗo daga sama. Da zarar ka ce jinkirta, dole ka ce "muna jinkirta ba ku kati", asibitin ya ɗauki laifinsa. Sai kuma sauya: "mun sauya" ne ko "za mu sauya"? "An cimma matsayar aiwatar da sauye-sauye" ba ta faɗa ba. Mai rubutun zai ga cewa shi kansa bai sani ba, dole ya tashi ya je ofishin sakatare ya tambaya ranar da sabon tsarin zai fara. Kuma aikatau sauya yana neman abin da aka sauya da abin da aka mai da shi, don haka zai sake tambaya, me aka sauya? Jimlar ƙarshe ita ta fi duhu. "Fuskantar jinkiri wajen samun kulawa" na iya nufin a mai da mutum ƙarshen layi, na iya nufin a ƙi duba shi sam. Ga wanda ya kawo yaro yana suma, bambancin nan babba ne.

Mu ɗauka mai rubutun ya je ya samo amsoshin. Ga abin da zai liƙa:

"Kun yi ƙorafi cewa muna jinkirta ba ku kati. Mun binciki lamarin, mun gano cewa layin biya da layin karɓar kati sun haɗu a taga ɗaya. Daga ranar Litinin za mu raba su. Ku fara biya a tagar kashiya, sannan ku kai rasit tagar kati. Wanda bai biya ba, ba za a kira shi wurin likita ba sai ya biya. Mai ciwon gaggawa likita zai fara ganinsa, a biya daga baya."

Tsawon su biyun kusan ɗaya ne. Ana yawan cewa amfanin wannan gyara shi ne taƙaitawa, kuma gaskiya ne da an tsaya ga abin da tsohuwar sanarwar ta ƙunsa, da sabuwar ba ta kai rabinta ba. Amma gurbin da 'yan jingina suka bari an cike shi da rana, da taga, da dalili, da hukuncin mai ciwon gaggawa, abubuwan da mai karatu ya tsaya a gaban bangon dominsu. Za a iya karanta wa tsohon da bai iya boko ba wannan sanarwa sau ɗaya ya san inda zai dosa.

Akwai wata mafaka da ta rage ko bayan an tono aikatau, wato "an" da "za a". "An binciki lamarin" ta fi "an gudanar da bincike", amma har yanzu ba ta faɗi wanda ya bincika ba. Wani lokaci hakan daidai ne, idan ba a san mai aikin ba ko sanin nasa ba shi da amfani, kamar "an ɗauke wuta". Amma a takardar da hukuma ta sa wa hannu, inda mai aikin ita ce hukumar, "mun" ko sunan sashen ya fi dacewa, domin mai ƙorafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sai dai wanda ya ɗauko wannan ka'ida daga littattafan Turanci ya ɗora wa Hausa ita yadda take, zai yi ɓarna. Hausa tana da ɗimbin ayyukan da asalinsu da "yi" da suna ake faɗarsu: yi magana, yi barci, yi aiki, yi haƙuri, yi addu'a, yi ƙorafi. Waɗannan ba kumburin ofis ba ne, haka kakanninmu suka faɗe su, kuma da yawansu ba su da wani aikatau guda da zai maye gurbinsu. Haka "yana bincike" ko "tana karatu", nahawun Hausa ne ya tanadi suna a wannan gurbi don nuna aikin da ke ci gaba. Ba a taɓa su. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne kunne: shin mutum zai faɗi wannan ga maƙwabcinsa a bakin ƙofa? Zai ce "na yi magana da shi". Ba zai ce "na gudanar da tattaunawa da shi" ba.

Misalin da Turawa suka fi kawowa, na tsai da ra'ayi, shi ne ma ya fi nuna wannan iyaka. A harshensu akwai aikatau guda da za a koma masa. A Hausa "yanke shawara" karin magana ne na asali, kuma aikatau da aka ciro daga shawara yana nufin wani abu dabam: "ya shawarci dattawa" na nufin ya nemi ra'ayinsu, bai kai ga yankewa ba. Wanda ya mai da "kwamitin ya yanke shawara" zuwa "kwamitin ya shawarta" ya lalata ma'ana. Abin da za a gyara shi ne kayan da ake ɗora wa yanke shawarar, irin su "an kai ga cimma matsayar ɗaukar matakin rufe kasuwar". Wannan ya koma "majalisar ta yanke shawarar rufe kasuwar", idan har yanzu ba a rufe ba, ko "majalisar ta rufe kasuwar", idan an riga an sa kwaɗo. Mafi haɗari shi ne "yanke hukunci" da "hukunta". Alƙali yana iya yanke hukunci ya sallami wanda ake tuhuma, amma idan aka ce ya hukunta shi, kowa zai fahimci an same shi da laifi an yi masa horo. Editan da ya taƙaita wannan don neman aikatau kai tsaye ya ɗora wa mutum laifin da kotu ta wanke shi daga gare shi.

'Yan jarida suna da tasu iyakar. "Gwamna ya nuna damuwa" da "gwamna ya damu" ba ɗaya ba ne. Ɗan jarida ya ji abin da aka faɗa a gaban makirufo, bai shiga zuciyar kowa ba, don haka "nuna" a nan tana aiki, tana raba abin da aka furta da abin da ke ciki. Idan ana son sauƙi, "ya ce ya damu" ta fi duka biyun. Haka "nuna goyon baya" da "goyi baya". Kafin a cire ɗan jingina, a tambaya ko yana ɗauke da wata ma'ana tasa. "Fara bincike", "dakatar da bincike", "kammala bincike", duk aikatau ne masu nauyi, domin farawa da dakatarwa da kammalawa su ne labarin. "Gudanar da" ce kawai ba ta ƙara komai.

Suna yana da wurin da ya fi aikatau amfani. Idan an riga an faɗi aikin, ana komawa gare shi da suna don a ɗaure jimla da jimla: "Kwamitin ya binciki asusun ƙungiyar. Binciken ya ɗauki wata biyu." Jimla ta biyu daidai take, domin yanzu binciken ne abin magana. Haka sunayen matakan shari'a da na mulki, kamar beli, ƙara, rantsuwa, ƙidaya, suna da ma'anar da doka ta tsayar, ba a narkar da su don neman sauƙi. "Ya shigar da ƙara" mataki ne da ke da takarda da lamba a rajistar kotu, ya bambanta da "ya kai kuka".

Me ya sa ma'aikata ke riƙe da salon duk da nauyinsa? Wani sabo ne, wani kuma tsoron kada a ce rubutunsa bai yi kama da na ofis ba. Ƙaramin ma'aikaci yana buɗe tsohon fayil ya kwafi yadda na gabansa ya rubuta, domin abin da oga ya taɓa sa wa hannu ba zai dawo da jan biro ba. Akwai kuma wanda ya san abin da yake yi sarai: "za a duba yiwuwar aiwatar da biyan bashin albashi" ta bar masa ƙofar fita da "za mu biya ku a watan gobe" ta rufe. Irin wannan ba darasin nahawu zai gyara shi ba, amma mai karatu da ya san dabarar zai iya tambaya a taron manema labarai ko a taron ƙungiya: wa zai biya, kuma yaushe? Ina ganin girmamawa ma ba ta bukatar kumburin. Hausa tana da hanyoyinta na ladabi a takarda, da gaisuwa, da "muna roƙo", da "don Allah", da kiran mutum da "ku", kuma duk suna zama lafiya tare da aikatau kai tsaye. "Muna roƙon ku biya kafin ranar 30 ga wata" ba ta rasa ladabi ko kaɗan ba.

Ga mai fassara a ɗakin labarai, inda lokaci ya fi ƙaranci, dabarar da ta fi aiki ita ce ya karanta jimlar Turancin ko ta Faransancin har ƙarshe, ya kife takardar, ya faɗa wa abokin aikinsa abin da ta ce da baki, sannan ya rubuta abin da bakinsa ya faɗa. Bayan haka ya buɗe takardar ya duba ko ya yar da wani abu mai nauyin doka, ko adadi, ko sharaɗi, ya mayar da shi. Mai rubutu a kwamfuta kuma yana iya neman "gudanar da", "aiwatar da" da "tabbatar da" a cikin takardarsa kafin ya tura, ya tsaya a kan kowanne ya yanke ko zai zauna. Wasu za su zauna, kamar "gudanar da zaɓe", inda gudanarwar aiki ce ta gaske mai ma'aikata da akwatuna da rumfuna, wadda ta bambanta da zaɓen da mai ƙuri'a ke yi. Inda kuwa aka tono aikatau aka ga ba a san mai shi ko lokacinsa ba, sai a ɗaga waya a tambayi ofishin da ya aiko da sanarwar kafin a karanta ta.